Yadda ake mayar da takardar shaida PDF mai haske ta wayar hannu

Shafukan neman aiki da gurbin karatu sukan ƙi karɓar takardar shaida idan nauyinta ya zarce iyakar da aka gindaya, misali 200KB.

A shimfiɗa takardar a kan teburi mai duhun launi kusa da taga da rana, a kashe fitilar kyamara, domin ƙyallinta kan ɓoye rubutun takardar da aka lulluɓe da leda.

A wayar Android, a buɗe Google Drive, a zaɓi Scan, a riƙe wayar a saitin tsakiyar takardar, sannan a gyara kusurwoyi huɗu kafin a adana ta a matsayin PDF.

Idan fayil ɗin ya kai 900KB, a sake ɗauka a zaɓi Grayscale, matuƙar ba a buƙaci mai launi ba. In bai wadatar ba, a rage nauyinsa da manhajar matse PDF a matsakaicin mataki, saboda matsewa mai tsanani tana dusar da ƙananan haruffa.

Kafin turawa, a faɗaɗa shafin: idan lambar takardar, hatimi da sa hannu ba su karantu ba, a sake ɗauka.