Imel mai ado ko rubutu zalla: abin da ke sa saƙo ya isa, a kuma yarda da shi

Kamfanoni da ƙungiyoyin da ke neman hulɗa da jama'a ta imel suna da zaɓi biyu a gabansu: ko su aika rubutu zalla kamar wasiƙa, ko su aika saƙon da aka tsara da HTML, mai tambari da hotuna da maɓallai masu launi. Da yawa sukan ɗauki na biyu saboda ya fi cika ido. Sai dai ga wanda ake rubuta wa a karon farko, adon yakan zo da kayan da mai aikawa bai san ya ɗauko ba.

Saƙon HTML ba rubutu kaɗai ba ne. Galibi hotunansa ba sa cikinsa, suna ajiye ne a wata ma'ajiya, sai an buɗe saƙon ake jawo su. Manhajojin tura saƙo da yawa suna kuma saka wani ɗan hoto mai girman ɗigo guda, wanda ido ba ya gani, domin ya sanar da su cewa an buɗe. Haka nan sukan sauya adireshin kowace mahaɗa, ta fara bi ta wajensu don a ƙirga waɗanda suka latsa. Rubutu zalla ba ya iya ɗaukar hoto ko ɓoye adireshi. Abin da aka gani shi ke nan.

A ɗauki misalin wani kamfanin sayar da kayan sola da ke son rubuta wa masu makarantu da ƙananan asibitoci 2,000, waɗanda yawancinsu ke amfani da Gmail. An tsara masa saƙo mai babban hoto a sama, da hotunan kaya shida, da farashi a jere, har nauyin lambobin HTML ɗin ya kai kilobayit 120. Gmail yana datse duk saƙon da ya haura kimanin kilobayit 102, ya bar rubutun "Message clipped" a inda ya yanke. Abin da ke ƙasa ba zai fito ba sai an latsa, kuma a can ƙasan ne aka saba ajiye mahaɗar da mutum zai bi ya ce a daina turo masa.

Shugaban makarantar da bai nemi saƙon ba, bai kuma ga hanyar fita ba, zai latsa "Report spam" ya wuce. A nan lissafin yake tsananta. A ƙa'idojin da Google da Yahoo suka fara aiki da su a watan Fabrairun 2024, an buƙaci kada ƙorafin masu karɓa ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, Google ma ya shawarci a tsaya ƙasa da kashi 0.1. Ke nan idan duka saƙonni 2,000 sun shiga akwati, mutum shida kacal sun isa su kai kamfanin bakin iyaka. Tabon kuwa ba a kan wannan saƙo kaɗai yake tsayawa ba, yana manne wa sunan yankin kamfanin, wato abin da ke bayan alamar @. Bayan 'yan makonni, takardar neman biya da aka aika wa tsohon abokin ciniki ita ma tana iya faɗawa kwandon shara.

Wannan bai nuna cewa matatar saƙonni tana ƙin HTML don kansa ba. Bankuna da kamfanonin jiragen sama suna aika irinsa kullum, yana kuma isa. Abin da matatar ta fi dubawa shi ne tarihin mai aikawa da shaidar cewa shi ne. Shaidar iri uku ce. SPF yana bayyana na'urorin da aka yarda su aika saƙo da sunan yankin, DKIM sa hannu ne na lantarki da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba, DMARC kuma yana faɗa wa mai karɓa yadda zai yi da saƙon da ya kasa. Google ya wajabta duka ukun ga mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa adiresoshin Gmail, tare da hanyar ficewa da latsi guda a saƙonnin talla. Rubutu zalla da ya fito daga yankin da ba shi da wannan shaida, ko daga jerin adiresoshin da aka saya, ba zai tsira ba don kawai ba shi da hoto.

Ta fuskar yarda, lamarin ya fi sarƙaƙiya. Tambari ba shaida ba ne, domin masu damfara da sunan bankuna suna kwafe shi cikin minti guda. HTML ma yana ba su damar nuna adireshi ɗaya su kai mutum wani daban:

```html
<a href="https://example.net/shiga">www.example.com</a>
```

Mai karatu zai ga na biyun, amma na farkon zai buɗe. Abin takaici, kamfanin kirki da ya kunna ƙirga latsi yana iya samar da irin wannan saɓani ba da saninsa ba, matata kuma tana iya yi masa kallon tuhuma. To amma rubutu zalla ma yana da nasa tarihin: wasiƙun 'yan 419 da suka ɓata sunan Najeriya galibi ba su da ado ko kaɗan. Abin da ke sa a yarda da wasiƙa mara ado shi ne ta fito daga adireshin kamfanin ba na kyauta ba, ta ambaci sunan makarantar da dalilin rubuto mata, ta ɗauki sunan mutum da muƙaminsa, ta kuma nemi abu guda mai sauƙi, kamar amsa.

Saboda haka gyaran da ya dace da kamfanin solar shi ne wasiƙar farko ta zama gajera, sakin layi uku, da mahaɗa ɗaya wadda adireshinta ke fili, da layin da ke cewa duk wanda ba ya so ya faɗa a cire shi. Kundin kaya mai hotuna sai ya jira waɗanda suka amsa. Idan za a aika shi, a haɗa shi da kwafin rubutu zalla a tsarin multipart/alternative, kada kuma a zuba muhimmin bayani a cikin hoto, domin Outlook na kwamfuta yakan toshe hotuna har sai mai karɓa ya ba da izini.

Wajen auna sakamako ne ake yawan yaudarar kai. Adadin "buɗewa" ya dogara ne ga wancan ɗigon hoto, wanda rubutu zalla na gaskiya ba shi da shi, don haka ba za a iya kwatanta biyun da wannan ma'auni ba. Tun 2021 kuma, manhajar Mail ta Apple tana jawo hotunan da kanta ga masu amfani da kariyar sirrinta, ko an karanta ko ba a karanta ba, sai adadin ya kumbura. Gwajin da ya fi inganci shi ne a raba jerin gida biyu ba tare da zaɓe ba, a aika siffofin biyu a rana ɗaya da kanu ɗaya, a ƙirga amsoshi. Kafin nan, mai aikawa ya tura wa kansa kwafi, ya buɗe "Show original" a Gmail, ya tabbatar SPF da DKIM da DMARC duk sun nuna PASS. Adadin ƙorafi kuwa ana ganinsa a Postmaster Tools na Google, ko da yake shafin ba ya nuna komai sai saƙonnin da ake aikawa a rana sun yi yawa.