Shafi Ɗaya da Mai Talla a Intanet Zai Tura wa Kamfani

Duk mai yin bidiyo a Instagram ko TikTok da ya fara tara mabiya ya san wannan saƙon: "Salamu alaikum, nawa kuke yin talla?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Nawa za ku iya biya?", ko kuma doguwar murya ta WhatsApp. Da mai shagon atamfa a Kantin Kwari ana iya daidaitawa a haka, domin shi ne mai kuɗin kuma shi ke yanke hukunci. Kamfanin da ke da sashen talla, ko kamfanin dillancin talla na Legas da ke nemo wa masu kaya muryar Arewa, ba haka suke aiki ba. Wanda ya tuntuɓe ka ma'aikaci ne, akwai shugaba a samansa da zai kai wa sunaye goma ko fiye, a zaɓi biyu. Ba zai kunna wa shugabansa muryarka ba. Abin da zai iya ajiyewa a gabansa shi ne shafi ɗaya, wanda 'yan harkar ke kira midiya kit, mai amsa tambayoyi uku: su wa ke kallonka, me tallarka ta taɓa haifarwa, kuma nawa ne kuɗinka.

Mu ɗauki misalin wata mai bidiyon girki a Kano, mai mabiya 48,000 a Instagram. Alƙaluman da za su biyo baya duk na misali ne, don a ga yadda lissafin ke tafiya.

Abu na farko da za ta yi shi ne buɗe ƙididdigar shafinta. A Instagram sai asusu ya zama na sana'a kafin a ga Professional dashboard, a ciki ne ake samun Insights, wanda ke nuna garuruwa da ƙasashen da mabiya suke, da shekarunsu, da kason maza da mata, har zuwa kwana 90 da suka wuce. TikTok Studio da YouTube Studio ma suna ba da makamancin haka. Mu ce ta tarar kashi 71 cikin ɗari na mabiyanta mata ne, mafi yawansu tsakanin shekara 25 zuwa 34, kuma Kano ce kan gaba, sai Kaduna, sai Abuja, sai Yamai. Layuka uku ke nan a takarda, amma sun fi adadin mabiyan nan 48,000 daraja a idon mai saye. Kamfanin kayan ƙamshin girki da kayansa ba su wuce Kano da Kaduna ba ba shi da amfani da mai kallo a Yamai ko Jidda, duk yawansu. Shi kuwa kamfanin tura kuɗi tsakanin ƙasashe waɗannan mutanen yake nema ido rufe. Don haka ba a ɓoye garuruwan, ko da ana ganin ba su yi armashi ba. Sannan ta ƙara layi ɗaya da hannunta: bidiyona da Hausa nake yin su. Ga kamfanin da ya daɗe yana talla da Turanci bai shiga gidajen Arewa ba, wannan layin ne zai tsayar da idonsa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne adadin kallo, kuma a nan nake ganin ya kamata a tsaya a natsu. A ce bidiyonta goma na baya-bayan nan sun samu kallo kamar haka, daga ƙarami zuwa babba: 9,000, 11,000, 12,000, 12,500, 14,000, 15,000, 16,000, 18,000, 21,000, sai wani na dambun shinkafa da ya yi tashe ya kai 190,000. Zuciya za ta so ta rubuta 190,000 da manyan baƙaƙe. Idan ta daure ta tara duka ta raba goma, za ta samu 31,850, kuma wannan ma bai faɗi gaskiya ba, domin tara daga cikin goman babu wanda ya kusanci wannan adadin. Abin da ya dace shi ne ta jera su, ta ɗauki biyun da ke tsakiya, wato 14,000 da 15,000, ta raba tsakaninsu. Ta samu 14,500. Wannan shi ne abin da mai biyan kuɗi zai iya sa rai da shi ranar da aka ɗora tallarsa. Na dambun yana da wurinsa a ƙasa, a rubuta shi a matsayin mafi yawan kallon da aka taɓa samu.

Dalilin wannan taka-tsantsan ba boyayye ba ne. Ma'aikacin kamfani zai buɗe shafin ya ƙirga da idonsa, cikin minti biyu ya gano idan an yi ƙari. Ko da bai ƙirga ba, ya biya kuɗin kallo 30,000 ya samu 13,000, cinikin farko ya zama na ƙarshe ke nan. Wadda ta rubuta 14,500 ta kawo 16,000 kuwa, ita za a sake kira.

Kusa da wannan sai ta sa ƙarfin mu'amala. Ana tara layik da sharhi da turawa da adanawa na bidiyo, a raba da adadin mutanen da bidiyon ya isa gare su, a ninka da ɗari. Idan mutum 14,500 suka gani, 870 suka taɓa wani abu, ya zama kashi 6 cikin ɗari. Sai dai ta rubuta da me ta raba, domin wasu da yawan mabiya suke rabawa, amsar kuma ba ta zuwa ɗaya. A nan ne asirin mabiyan saye ke tonuwa: shafi mai mabiya 200,000 da sharhi shida a ƙarƙashin kowane bidiyo, ko mai magana da Hausa zalla amma garuruwan da ke kan gaba ba inda ake jin Hausa ba ne.

Kashi na biyu shi ne sakamakon ayyukan baya, kuma biyu ko uku sun wadatar. "Na yi wa kamfanoni da dama talla" ba sakamako ba ne. Abin da ake so shi ne irin wannan: tallar garin yaji, bidiyo ɗaya a watan Sha'aban, kallo 17,200, mutum 140 suka tura wa mai kayan saƙo cikin mako guda, 38 suka saya. Tambayar ita ce ta yaya za ta san wannan, tunda cinikin a wayar mai kaya aka yi shi. Sai an shirya tun kafin a ɗora tallar. Hanya mafi sauƙi a wurinmu, inda kusan duk saye ke ƙarewa a WhatsApp, ita ce mahaɗin da ke buɗe hira da saƙo a rubuce:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Na%20gani%20a%20bidiyon%20girki
```

Ana sa lambar mai kayan ba tare da sifilin farko ba. Duk wanda ya danna, saƙon "Na gani a bidiyon girki" zai fito masa, mai kaya kuma ya bincika wannan jimlar a wayarsa ya ƙirga. Wata hanyar ita ce kalmar ragi: duk wanda ya ambace ta a rage masa wani abu. Bayan mako guda ta kira mai kayan ta karɓi adadin, ta kuma nemi izininsa kafin ta sa sunansa a takarda, domin ba kowane ɗan kasuwa ne ke son a san cinikinsa ba. In ya ƙi, sai ta rubuta "wani kamfanin kayan ƙamshi a Kano". Wadda ba ta taɓa yin tallar kuɗi ba kuma kada ta ƙirƙira. Ta nuna bidiyon da ta yi amfani da wata tukunya ko wani man girki don kanta, mutane suka cika sharhi da "a ina ake samu?".

Sai farashi, wanda da yawa ke jin nauyin rubutawa. Ni ina ganin a rubuta shi, ko da da kalmar "daga" ce, domin takardar da ba farashi tana mai da mutum ga tambayar farko. Lissafin yana da ƙafa biyu. Ta farko kuɗin idon jama'a: a ce ta tsayar da naira 3,000 kan kowane kallo dubu, to kallo 14,500 ya zama naira 43,500. Ta biyu kuɗin aikin kansa, wanda aka fi mantawa: cefane na naira 12,000, mai ɗaukar hoto da tacewa naira 10,000. Jimla 65,500, sai ta rubuta 65,000 ko 70,000. Wannan 3,000 ɗin ba doka ba ce. Za ta daidaita ta da abin da takwarorinta masu irin yawan kallonta ke karɓa, da kuma yadda masu saye ke amsawa. Idan kowa ya ce to nan take ba tare da neman ragi ba, alama ce ta yi araha.

A gaban kowane farashi a faɗi abin da ya ƙunsa: bidiyo ɗaya mai kimanin minti ɗaya, gyara sau ɗaya kafin a ɗora, zai zauna a shafi aƙalla kwana 30. Akwai abubuwa biyu da kamfanoni kan nema daga baya kamar kyauta, alhali kaya ne masu kuɗi. Na farko, su ɗauki bidiyon su sa a nasu shafin, su biya Facebook ko TikTok ya yaɗa shi. Fuskarta da muryarta za su yi ta yawo wata da watanni, don haka a yanka kuɗinsa da wa'adinsa daban. Na biyu, su ce kada ta tallata wa abokin gasarsu. Mai girkin da ta yarda ba za ta taɓa wani sinadarin ɗanɗano ba na wata uku, musamman in azumi ya faɗo a ciki, lokacin da tallar kayan abinci ta fi tsada, ta rufe wa kanta ƙofa, dole a biya ta diyyar hakan. A ƙasa kuma a rubuta cewa ana biyan rabi kafin a fara aiki, da ranar da farashin zai daina aiki, tunda kuɗin cefane ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Haɗa shafin bai wuce aikin yamma ɗaya a Canva ba: girman A4, hoto ɗaya mai kyau, suna, layi biyu na bayanin kai, alƙaluman masu kallo, sakamako, farashi, lambar waya da imel na aiki. A duba salon baƙaƙen da aka zaɓa, domin wasu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito da akwatuna a tsakiyar kalma. A fitar da shi a PDF, a tura shi ta WhatsApp a matsayin Document, saboda in aka tura kamar hoto ana matse shi, ƙananan lambobi su dusashe. Kamfanin Legas a tura masa na Turanci, na Yamai ko Maraɗi na Faransanci ko Hausa, amma alƙaluman su zama ɗaya a kowanne.

Layi ɗaya na sharaɗi yana kare mai shafi daga rigima. Mai girkinmu ta rubuta cewa ba ta tallata abin ci ko na shafawa ko magani sai mai lambar rajistar NAFDAC, kuma kowace talla za ta fito da alamar Paid partnership don masu kallo su san an biya. Tun dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON, tallar intanet ma tana cikin abin da hukumar ke tantancewa kafin a sake shi, don haka a tambayi kamfani tun farko wa zai nemo amincewar kuma wa zai biya kuɗinta. A saman shafin kuma a rubuta watan da aka ɗauko alƙaluman, a sabunta su duk wata uku, a ajiye hotunan allon ƙididdigar a waya, domin kamfanin da ya yi niyyar biya da gaske yakan nemi ya gan su kafin ya sa hannu.