Me ya sa tankin iska yake tsagewa a tsaye?

Duk wanda ya taɓa ganin tankin kwamfaresa na masu faci da ya fashe zai lura cewa tsagar takan bi tsawon tankin ne, ba ta cika yanka shi biyu kamar rake ba. Wannan ba katari ba ne, lissafi ne.

Iskar da aka matse a ciki tana jan ƙarfen ta hanya biyu. Ja na farko na zagaye ne, mai neman buɗe cikin tankin. Na biyu na tsawo ne, domin iskar tana tura murafan kai da gindi waje. Idan p shi ne matsin iska, d faɗin cikin tankin, t kuma kaurin ƙarfen, ga yadda injiniyoyi suke auna su:

```
na zagaye = pd / 2t
na tsawo  = pd / 4t
```

Ke nan jan zagaye ya ninka na tsawo sau biyu. Shi ya sa waldar da ta bi tsawon tanki ta fi ta bakin murfi ɗaukar nauyi, kuma da jan zagaye ake yanke kaurin ƙarfe.

Mu ɗauki tanki mai faɗin milimita 400 da zai riƙe matsin megafaskal 1, wato lamba 10 a agogon da ke auna bar. A ce an yarda ƙarfen ya ɗauki megafaskal 100 kawai, don a bar tazara, tunda ƙarfe na gama-gari yakan fara miƙewa a wajen 250. Sai a ninka 1 da 400, a raba da 200, a sami milimita 2.

Amma ba a tsayawa nan. Waldar da ba a duba cikinta da na'ura ba, ana ɗaukar ƙarfinta kashi 70 cikin ɗari ne, sai kaurin ya koma kusan 2.9. A ƙara milimita ɗaya saboda tsatsa, a sayi farantin milimita 4. Wannan lissafi yana aiki ne muddin kaurin bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin ba.

Da milimita 4, jan zagaye 50 ne kacal. To amma iska tana tara ruwa a ƙasan tanki, tsatsa kuma tana ci daga ciki inda ido ba ya gani. Idan kaurin ya ragu zuwa milimita 1, jan ya kai 200. Jan ruwa daga famfon ƙasa, kumburi, ko ɗan huji mai tsiyayar iska duk alamu ne.

Don haka a riƙa zubar da ruwan kullum, kuma kada a like hujin da walda, domin ƙarfen da ke kewaye da shi ma ya sirance. In za a gwada tanki, a cika shi da ruwa, a matsa shi sama da matsin aikinsa. Ruwa ba ya matsuwa, in tankin ya gaza sai dai ya tsiyaye. Iska kuwa tarwatsa shi take yi.