Gwajin manhaja don kuɗi: abin da ake rubutawa da yadda ake auna shi

Kamfanonin da ke ƙera manhajojin waya da shafukan intanet suna biyan mutanen waje su gwada musu kayansu, su gano inda ya lalace kafin ya shiga hannun jama'a. Aikin iri biyu ne. A UserTesting, wanda aka kafa a Amurka a 2007, mai gwaji yana naɗar fuskar wayarsa da muryarsa yana faɗin abin da ya rikita shi, mai kayan kuma ya ba shi tauraro daga 1 zuwa 5. A uTest na kamfanin Applause kuwa farautar kurakurai ake yi, a rubuta rahoto. Na biyun ya fi dacewa da matashin Jabo ko Tambuwal, don Turancin rubutu yake bukata ba na baki ba, kuma ana iya karɓar kuɗinsa ta Payoneer.

A farautar kurakurai ba lokacin da ka ɓata ake biya ba. Ana biyan kuskuren da wani zai iya maimaitawa da hannunsa ne, ya gani da idonsa.

A ce an gayyace ka gwajin wata manhajar sayayya. Kana cike adireshin kai kaya, ka zaɓi jihar Sakkwato, jerin ƙananan hukumominta 23 ya fito, ka taɓa Kebbe, ka adana. Da ka koma shafin adireshi sai ka tarar jihar ta koma Kebbi. Baƙo zai wuce bai lura ba, amma kai ka san Kebbe ƙaramar hukuma ce a Sakkwato, Kebbi kuwa jiha ce mai zaman kanta, kuma kayan mai saye za su iya nufar Birnin Kebbi.

Rahoton yana da gurabe. A taken za ka sa irin wayarka da inda matsalar take, a jimla guda. A gurbin Action Performed za ka jera matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, tun daga buɗe manhajar har zuwa danna maɓallin adanawa. Expected Result shi ne abin da ya kamata ya faru, wato adireshin ya nuna Kebbe a Sakkwato; Actual Result kuma abin da ya faru a zahiri. Sai hoton fuskar waya da aka zagaye wurin kuskuren, da gajeren bidiyon da ke nuna matakan daga farko. Idan manhajar mutuwa take yi, za a nemi bayanan da waya ke rubutawa a cikinta, waɗanda a Android ake cirowa ta kwamfuta da wannan umarnin:

```
adb logcat -d > log.txt
```

Wajen rubuta rahoto ne sabon shiga ya fi faɗuwa. Ya rubuta "adireshi ba ya aiki", ya manta cewa injiniyan da zai gyara yana wata nahiya, bai ga abin da ya gani ba.

Rahoto yana bi ta hannu biyu. Jagoran masu gwaji, wanda ake kira TTL, shi ke fara dubawa, kuma yana iya mayar da shi a ƙara bayani. Daga nan mai manhajar ya yanke hukunci. In ya karɓa, sai ya sa shi a ɗaya daga matakai uku: Somewhat Valuable, Very Valuable ko Exceptionally Valuable, kuɗin kuma yana hawa da matakin. Kuskuren rubutu a wani lungu ba zai kai darajar wanda ke karkatar da kayan mai saye zuwa wata jiha ba.

In an ƙi rahoto akan faɗi dalili. Duplicate na nufin wani ya riga ka, shi ya sa ake karanta jerin abin da aka riga aka kai kafin a fara rubutu. Out of Scope na nufin ka shiga gonar da ba a ce ka nome ba: an ce a gwada sashen biyan kuɗi, kai ka koma sashen adireshi. Working as Designed kuma, da gangan aka yi abin haka. Waɗannan hukunce-hukuncen ne ke taruwa su zama matsayinka, har zuwa Bronze, Silver da Gold, kuma matsayi na cikin abin da ake dubawa wajen gayyata. A ganina rahoto biyu masu ƙwari sun fi goma na gaggawa.

Akwai tarko na musamman ga mazaunin karkara. Shafi ya ƙi buɗewa, ka ɗauka ka kama kuskure, alhali sabis ne ya ɗauke. Kafin ka rubuta, maimaita matakan, ka canza layi, ka ari wayar wani in da hali. In matsalar ta ɓace da sabis ya dawo, ba ta manhajar ba ce. Kuskuren Kebbe kuwa zai fito ko a Jabo ko a Legas.

Rajista a uTest kyauta ce, haka ma darussan uTest Academy da ake fara koyon rahoto da su. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya shigar da kai, ɗan damfara ne. Gayyata kuma ba kullum take zuwa ba, ta dogara da ƙasa da irin wayar da mai kaya yake nema, don haka a cike sunan wayar da sigar Android ɗinta daidai a shafin bayananka.