Ranar da dubu shida ta ɓace a shagonmu, alhali ba wanda ya ɗauka



Ni ɗan Maikunkele ne, nan gefen Minna kusa da filin jirgi, a ƙaramar hukumar Bosso. Mahaifina falken shanu ne, na taso ina ganinsa da wani ɗan littafi a aljihun riga. In ya sayar da sa, abu biyu yake rubutawa daban-daban: sa kaza ya fita a kan kuɗi kaza, sannan a ƙasa ya rubuta yadda kuɗin suka zo, nawa aka ba da lakadan, nawa mahauci zai ciko bayan kasuwa biyu, wane fatoma ne ya tsaya masa. Ban bi shi kara ba, shagon tireda na kawuna nake riƙewa. Amma da muka sa manhajar ciniki a waya bayan wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya kowa ya koma tiransifa, sai na ga ai littafin Baba ne aka mayar cikin waya.

Kamar littafin, manhajar ma rubutu biyu take yi a kan kowane ciniki. Na farko shi ne cinikin kansa. Da ka taɓa kaya a allo, sai ta buɗe rasit mai lamba, ta sa rana da lokaci da sunan wanda ke kan waya, ta jera kayan da yawansu da farashinsu, ta haɗa jimla, ta kuma rage su daga lissafin kayan da ke kanta. Na biyu shi ne biya. Wannan layi ne nasa na kansa, yana ɗauke da hanyar da aka biya da adadin kuɗin. Abin da ke ɗaure su wuri ɗaya shi ne lambar rasit. Don haka ne rasit ɗaya zai iya samun layin biya biyu ko uku.

Ga misalin da ya sa na rubuta wannan. Wata mata ta sayi shinkafa mudu biyu a kan 2,500 kowane, man gyaɗa kwalba ɗaya 3,200, sabulu uku a kan 600 kowane. Jimla naira 10,000. Ta ba da 4,000 a hannu, ta tura 6,000 ta waya. Da an shigar daidai, ga abin da ya kamata a gani:

```
SALE 0417  TOTAL     10,000
PAY  0417  CASH       4,000
PAY  0417  TRANSFER   6,000
```

Manhaja ba ta rufe rasit sai layukan biya sun cika jimlar ciniki. Wannan kaɗai take dubawa. Ba ta leƙa durowa, kuma in ba a haɗa ta da asusun banki ba, ba ta san ko alat ya shigo ba. Maɓallin Cash ko Transfer da ka danna, magana ce ta wanda ke kan waya. Ya ce an biya ta hanya kaza, ita kuma ta rubuta. Yawancinmu a nan muke ruɗewa, muna ɗauka tunda waya ce ta faɗa, to an tabbatar.

Ranar, yaron da ke taya ni, ɗan ƙanwar Kawu, shi ne a kan waya, ga layi har bakin ƙofa. Bai raba biyan ba, ya danna Cash a kan 10,000 gaba ɗaya. Rasit ya rufe lafiya lau, domin 10,000 ta cika 10,000.

Da dare bayan Isha muka zauna lissafi. Manhaja ta ce cinikin ranar 202,700 ne, ta kasa shi gida huɗu: tsabar kuɗi 86,500, kati 41,000, tiransifa 63,200, bashi 12,000. Mun buɗe shago da canji na 5,000 a durowa, mun ciri 3,000 mun sayo man janareto, an kuma rubuta. Kenan 5,000 da 86,500, a cire 3,000, ya kamata a tarar da 88,500. Muka ƙirga sau uku, 82,500 ne.

Kawu ya dubi yaron ya ce, "Kai, ina dubu shida?"

Ya ce, "Wallahi Kawu ban taɓa ba."

"To waya ce za ta yi maka ƙarya?"

Yaron ya soma hawaye. Kawu har ya ce da safe ya tattara kayansa ya koma gun uwarsa, kuma kun san in irin wannan magana ta shiga dangi, ba ta fita da wuri. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a bar ni in duba ɗaya gefen tukuna." Na buɗe asusun shago na haɗa duk tiransifar da ta shigo tun safe. Ta ba ni 69,200, manhaja kuwa 63,200 ta rubuta. Rarar 6,000 cif, daidai da giɓin durowa.

Saura in gano wane ciniki ne. Na bi alat ɗaya-ɗaya ina haɗa kowane da rasit ɗinsa, ta adadi da ta lokaci. Duk suka samu abokan zama sai guda: 6,000 da ƙarfe 4:12 na yamma. Na koma rasit ɗin da aka rufe a 'yan mintunan nan, sai ga 0417, naira 10,000, an rubuta duka Cash. Nan yaron ya tuna matar. Kawu ya yi shiru, can ya ce a dafa masa indomi da ƙwai biyu, shi ke nan neman gafararsa.

Tun ranar nake gaya wa masu shago: kada ka tsaya kan jimlar ciniki. Kowace hanyar biya tana da shaidarta a wajen manhaja. Shaidar Cash durowa ce, shaidar Transfer bayanin asusun banki, shaidar Card rahoton na'urar kati, shaidar Credit jerin sunayen masu bashi. In gida ɗaya ya gaza, wani gidan ya ƙaru da adadi iri ɗaya, maɓalli aka danna ba daidai ba, kuɗinka suna nan. In gida ɗaya ya gaza, sauran kuma suna daidai, to nan ne akwai magana.

Kuma gazawar da ta fi haɗari ba a durowa take bayyana ba. A ce mai saye ya ba da 15,000 a hannu, wanda ke kan waya ya danna Transfer, ya sa kuɗin a aljihu. Da dare durowa za ta fito daidai har kwabo, domin manhaja ba ta sa ran waɗannan kuɗin a cikinta. Mai shagon da durowa kaɗai yake ƙirgawa zai kwanta da farin ciki. Haka ma in aka nuna wa yaro hoton rasit na bogi a waya, ya danna Transfer ya miƙa kaya. A littafi an biya, a banki babu komai. Maganin da muka ɗauka mai sauƙi ne: ba a danna Transfer sai an ga kuɗin a cikin asusun shago, ba a wayar mai saye ba, ba kuma a saƙon tes ba. Sannan a wurin rubuta bayani a sa sunan wanda ya turo, don sau da yawa ba mai sayen ba ne, mijinta ne ko ɗanta da ke Legas. Kowace tiransifa tsakanin bankuna da ta bi ta NIBSS tana da Session ID mai lamba 30. Ba sai ka kwafe duka ba, shida na ƙarshe sun isa ka gane ta in gardama ta taso.

Kati yana da nasa hali. Akwai tsarin da manhaja da na'urar kati suke haɗe: ka danna Card, adadin ya tafi na'ura da kansa, in banki ya amince sai amsa ta dawo, rasit ya rufe. A nan maɓallin ya zama shaida ta gaske. Namu ba haka yake ba, kuma ina jin na yawancinku ma. Na'ura daban, waya daban, hannu ne ke buga adadi sau biyu, ana iya buga 4,500 a nan 5,400 a can. Abin dubawa shi ne takardar da na'ura ta fitar. In ta ce APPROVED da lambar amsa 00, an biya. In 51 ce, kuɗin asusunsa ba su kai ba. In 91 ce, bankinsa ne bai amsa ba. Wani lokaci takarda ta ce DECLINED amma mai saye ya nuna maka an cire masa. Kada ka danna Card don tausayi. Kuɗin ba su zo gunka ba, bankinsa ne zai mayar masa, kuma lambar RRN da ke jikin takardar ita zai kai musu. Ka bar rasit ɗin a buɗe, ko in ka san shi ka mayar bashi da sunansa. Abu ɗaya kuma kada ya tayar maka da hankali: kuɗin kati da ke shiga asusu sukan gaza abin da manhaja ta rubuta da ɗan kaɗan, saboda kamfani na cire cajinsa. Ka gwada manhaja da jimlar rahoton na'ura, cajin kuma ka rubuta shi a kuɗin da aka kashe.

Bashi ne ya fi ba ni wahala da farko, duk da a gidan masu ba da bashi na taso. In aka danna Credit, kaya sun fita, ciniki ya shiga lissafin ranar, amma ko sisi bai shigo ba, manhaja ta ɗora adadin a kan sunan mutum. Ranar da ya kawo kuɗin, abin da ake so shi ne sabon layin biya a kan tsohon rasit, da hanyar da ya biya yau. Ni kuwa sai in buɗe sabon ciniki in sake zaɓar kayan. Sakamakon haka cinikin ya ninku, manhaja ta sake rage kayan da ba su fita ba, sunan mutumin kuma yana nan cikin masu bashi. Na gano ne da manhaja ta ce saura katan biyu na taliya, ina kuma kallon uku a kan kanta. Sai da na je gidan wani dattijo tambayar bashin da ya riga ya biya, na dawo da kunya. Ku lura kuma, ranar da aka biya tsohon bashi da tsabar kuɗi, durowa za ta fi cinikin Cash na ranar yawa, sai an duba layin biyan bashi kafin lissafi ya zauna.

Yanzu kowa a shagon yana da lambar shigarsa, don kowane rasit ya nuna hannun da ya rufe shi. Gyara hanyar biya bayan an rufe rasit kuwa, ni da Kawu ne kawai ke da ikon yi, kuma duk gyaran da na yi sai na rubuta dalili a gefensa. Na 0417 na rubuta: 4,000 hannu, 6,000 tiransifa, ƙarfe 4:12.