Wasiƙa zuwa ga Yaya: ki fara duba kunnen Baba

Yaya Hadiza,

 Na saurari saƙonki har ƙarshe, kuma na ji gajiya a muryarki. Kin ce Baba ya daina fita majalisar ƙofar gida, ana hira sai ya tashi ya shige ɗaki, Umma ta yi masa magana ya yi banza da ita, sannan ya ƙi shan maganin hawan jini. Kin kuma ce abin da ya fi ba ki haushi shi ne idan Liman ya zo sai ki ji suna hira lafiya lau, wato dai yana jin abin da ya ga dama ne kawai. A kan wannan na ƙarshen nake so in tsaya, domin a sashen tsofaffi na asibitin da nake aikin jinya a nan Ingila babu ƙorafin da iyalai suka fi kawowa kamarsa, kuma sau da yawa amsar tana cikin kunne.

Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar dodon-koɗi, cikinsa cike da ƙananan gasu masu kama sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Waɗannan gasu idan sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma ba a lokaci ɗaya suke mutuwa ba. Masu kama siririyar ƙara su ne ke fara tafiya, masu kama kakkaurar murya su daɗe. Shi ya sa muryar Liman take shiga, taki da ta Umma da ta jikoki kuma suke wucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutanen da suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin ɗari suna da raunin ji da ya kai ga hana su walwala. Ki haɗa wannan da shekarun da Baba ya yi a masaƙa yana tsaye kan injuna ba abin toshe kunne. Ƙarar da ta kai desibel 85, idan mutum yana cikinta awa takwas a kullum, tana cin ji a hankali, kuma ɗakin saƙa ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne, mai irin wannan matsala yana jin ana magana, rarrabe kalmomin ne yake gagararsa. Baƙaƙe irin su s da f da sh da ts sirara ne, su ke fara ɓacewa, wasula kuwa su tsaya daram. Sai "fata" da "sata" su zama abu ɗaya a kunnensa, "ka sha magani" da "ka sa magani" ma haka. Yana jin tashi da saukar muryarki sarai, ya san tambaya kike yi ko faɗa, amma cikon sai dai ya yi hasashe daga leɓunanki da abin da ake ciki. A ɗaki shiru, mutum biyu fuska da fuska, hasashen yana tafiya daidai. A majalisa kuwa, bayan magariba, ga duhu, ga janareton maƙwabta, ga mutum biyar suna magana tare, komai sai ya cakuɗe. Ki tuna ko wane ne Baba a unguwarmu: mutumin da ake kawo wa rikicin gado da na aure ya sasanta. A ce yau an yi masa tambaya ya ba da amsar wata daban, yara sun kama dariya a ɓoye. Sau biyu ko uku hakan zai faru ya yanke wa kansa hukuncin zama a ɗaki. Ba zai taɓa ce miki ba ya ji ba. Zai ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana, ko ya ce surutun ya ishe shi.

Taurin kan ma yawancinsa daga nan yake fitowa. Wanda bai ji bayani ba, sai hukuncin kawai ya iso masa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce a'a. Kun zauna kun tattauna batun gyaran ɗakinsa a gabansa, kuna ganin ya ji tunda yana gyaɗa kai, sai ya wayi gari ya ga magina. A wurinsa an yanke shawara a kan gidansa ba da saninsa ba. Ga shi kuma 'yan shekarun nan abubuwa suna ta fita daga hannunsa: cefane ya koma wurin Sani, an karɓe makullin mota, kuɗi ni nake turowa ta asusunki. Kowanne da dalilinsa mai kyau, ban ce a'a ba, amma idan aka tara su za ki ga ƙin yarda ne kaɗai ikon da ya rage masa.

Batun magani kuwa, ina roƙonki ki ɗauko kwalin ki turo mini hotonsa. Wasu magungunan hawan jini aikinsu shi ne fitar da ruwa ta fitsari, kuma dattijo mai shekarun Baba da wuya a ce mafitsararsa ba ta riga ta fara matsa masa ba. Idan ƙwayar tana sa shi sake alwala a kai a kai, ko tana tayar da shi daga sahu, zai daina sha, kuma kunya ba za ta bar shi ya gaya wa 'yarsa dalili ba. Wannan abu ne da likita zai iya gyarawa, ko ya sauya lokacin sha ko ya sauya maganin gaba ɗaya. Kada dai ku sauya da kanku, kada kuma a bar shi haka ba magani, domin hawan jinin da aka ƙyale shi ne ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Ki sa Sani ko Kawu ya tambaye shi su biyu, namiji da namiji.

Ga gwajin da za ki iya yi a gida, amma ki gaya masa tukuna, kada ya ga kamar ana yi masa wayo. Ki ce ni na roƙa. A ɗaki shiru, ki tsaya bayansa tazarar tsawon hannu yadda ba zai ga bakinki ba. A toshe kunne ɗaya da yatsa ana ɗan murzawa. Ki fitar da numfashi, sannan ki faɗi lambobi uku da raɗa, misali shida, tara, huɗu, ya maimaita. Ki sake da wasu ukun, sannan ki koma ɗaya kunnen. Idan a cikin shida bai kama ko uku ba, kunnen da ba a toshe ba yana buƙatar a duba shi. Gwajin ba ya gaya miki musabbabi, yana dai nuna miki ko akwai dalilin zuwa asibiti.

A asibiti ku nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Abu na farko da za su yi shi ne leƙa kunnen da 'yar fitila, domin wani lokaci dauɗar kunne ce ta taru ta toshe hanya, a wanke ta ji ya ƙaru a ranar. Kafin nan kada kowa ya sa masa tsinke ko gashin kaza ko auduga, tura dauɗar ciki suke yi. Daga nan sai gwajin ji, inda za a sa masa abin sauraro a kunne ana kunna ƙararraki yana nuna wadda ya ji. Ku gaya musu tarihin masaƙa, da kuma ko an taɓa yi masa doguwar allura irin gentamicin ko streptomycin, saboda su ma suna taɓa ji. Idan sun ce na'urar ƙara ji yake buƙata, kuɗin yana wuyana. Ki sani dai na'urar ba ta mayar da kunne sabo, kuma makonnin farko yakan ji komai ya yi masa ƙara, har ƙarar cokali da takun takalmi, sai ƙwaƙwalwa ta saba. A nan ne tsofaffi da yawa ke jefa ta a aljihun tebur. Kada ku sayi ta kasuwa wadda ba a saita ta da sakamakon gwajinsa ba, domin komai take ƙara wa ƙarfi, har hayaniyar da ke damunsa.

Kafin a kai ga haka, ku sauya yadda kuke masa magana. Ki kira shi ya waigo tukuna, ki tsaya inda haske ke kan fuskarki, a rage rediyo. Ki yi magana a tsanake, kada ki ɗaga murya, domin ihu yana murɗe kalma, kuma a kunnensa faɗa ne daga bakin 'yar cikinsa. Idan bai gane ba, ki sauya kalmomin maimakon nanata su. Kuma a daina "ba komai, Baba, bar shi kawai" idan ya ce "me?", wannan tana yi wa masu raunin ji ciwo ƙwarai. Ki kai masa shawara kafin a yanke ta, ko da kin san inda za a ƙare.

Daga nesa nake magana, don haka ga abubuwan da idan kin gan su, to lamarin ya wuce kunne. Idan ya ji magana sarai har ya maimaita ta, amma bayan ɗan lokaci ya sake yin tambayar, ko ya rikice a hanyar masallacin da ya saba, ko lissafin kuɗi ya fara gagararsa, a duba ƙwaƙwalwarsa. Idan ya rage cin abinci, yana farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, ba abin da ke faranta masa rai har sama da mako biyu, yana yawan cewa ya zame muku kaya, wannan ciwon damuwa ne. Tsofaffi suna kamuwa da shi, musamman bayan rasuwar abokai irin wadda Baba ya gani a 'yan shekarun nan, kuma yana da magani. Idan kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu ya rikice, ko bakinsa ya karkace, ko harshensa ya yi nauyi, ko kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ni.

Daga yanzu zan riƙa kiransa ta bidiyo don ya ga bakina, ki taimaka a riƙe masa wayar a wuri mai haske. Ki yi gwajin nan a wannan makon, ki turo mini sakamakon tare da hoton kwalin maganin. Ki gaishe mini da Umma da Sani da yara. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya.

Ƙaninki,
Bashir