Wasiƙar Ƙarin Farashi: Yadda Ake Sanar da Tsofaffin Abokan Ciniki Ba Tare da An Ɓata Hulɗa Ba

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, da kuma watan Yunin da ya biyo baya, wanda a cikinsa aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira, da wuya a sami mai sana'a a Najeriya da bai ƙara kuɗin kayansa ba. A kasuwar gargajiya ana yin ƙarin ne baki da baki, inda mai saye zai yi ƙorafi, mai kaya ya ba shi haƙuri, wani lokaci ma ya yi masa gyara. Amma kamfanin da ke hulɗa da otal-otal da makarantu da manyan shaguna ya kan sanar da ƙarin ne ta wasiƙar imel, wadda mai karatu zai buɗe shi kaɗai, babu fuskar da zai kalla, babu kuma wanda zai amsa masa tambaya nan take. Saboda haka duk abin da ake gyarawa da lafazi a rumfar kasuwa, dole ne rubutun ya ɗauke shi tun daga farko.

Masana halayyar masu saye sun daɗe da gano cewa abin da ke fusata mutane game da ƙarin farashi ya danganta ne da dalilin da suke zaton ya jawo shi. A shekarar 1986 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa jama'a ta wayar tarho a ƙasar Kanada. An tambayi mutane ra'ayinsu game da mai shagon da ke sayar da shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara a kan dala 15, wanda ya mayar da shi dala 20 washegarin da ƙanƙarar ta zuba da yawa, sai kashi 82 cikin ɗari suka ce wannan rashin adalci ne. Da aka kawo musu labarin mai kayan miya da ya saro latas da tsada, ya kuma ɗora daidai abin da aka ƙara masa a kan masu saye, sai kashi 79 cikin ɗari suka ce babu laifi. Daga nan masanan suka fitar da ƙa'idar haƙƙi biyu, wato mai saye yana ganin yana da haƙƙin samun kaya a farashin da ya saba, yana kuma yarda cewa mai sayarwa na da haƙƙin kare ribar da ya saba samu. Ƙarin da aka yi don kare riba daga tsadar kayan aiki ana karɓarsa, wanda kuwa aka yi don an ga mai saye ba shi da mafita ana ɗaukarsa a matsayin ci da gumi. Aikin wasiƙar ƙarin farashi shi ne ta nuna wa mai karatu, da hujjar da zai iya bincikawa, cewa ƙarin da ke gabansa na rukunin farko ne.

Abin da ya sami kamfanin Netflix na Amurka a shekarar 2011 ya nuna yadda ake rasa wannan dama. A lokacin, masu hulɗa da kamfanin suna biyan dala 9.99 a wata don kallon fina-finai ta intanet tare da karɓar faya-fayen bidiyo ta gidan waya. A watan Yuli kamfanin ya sanar cewa ya raba tsarin gida biyu, kowanne a kan dala 7.99, wanda ke nufin mai son duka biyun zai biya dala 15.98, ƙarin kusan kashi 60 cikin ɗari. An ba tsofaffin masu hulɗa wa'adi har zuwa farkon Satumba, don haka ba a shammace su ba. Inda aka yi tuntuɓe shi ne sanarwar ta gabatar da lamarin tamkar sabon zaɓi ne aka ba jama'a, ta kuma taɓo batun tsadar aiki a taƙaice ba tare da bayanin da zai gamsar ba, alhali kowa na iya haɗa lissafin da kansa ya ga abin da aka ƙara masa. A watan Satumba shugaban kamfanin, Reed Hastings, ya aika wasiƙar neman afuwa, amma a cikinta ya sake sanar da cewa za a mayar da sashen faya-fayen wani kamfani na daban mai suna Qwikster, shawarar da aka janye a watan Oktoba. A zangon wata uku na Yuli zuwa Satumba kamfanin ya rasa masu hulɗa kimanin 800,000 a Amurka.

Kamfanin Amazon ya bi wata hanya dabam a watan Maris na 2014, sa'ad da ya ɗaga kuɗin shekara na tsarin Prime daga dala 79 zuwa dala 99. Wasiƙarsa gajeriya ce, ta faɗi sabon kuɗin ƙarara, ta ambaci cewa shekara tara ke nan ba a taɓa farashin ba duk da hauhawar kuɗin mai da na jigila, ta kuma bayyana cewa tsohon mai hulɗa ba zai biya sabon kuɗin ba sai lokacin sabunta rajistarsa ya zo. Kuɗin mai da na dakon kaya abu ne da mai karatu ya san ya tashi, domin shi ma yana shan mai a motarsa, don haka dalilin bai buƙaci dogon sharhi ba.

Za a fi ganin yadda wannan ke aiki idan aka ƙaddara wani gidan burodi a Kano da ke kai wa otal-otal da shaguna burodi a kan naira 1,000 kowane ɗaya. A ce da can fulawa da sukari da man gyaɗa da makamashi da ladan ma'aikata suna cin naira 850 a kan kowane burodi, ribar ta zama 150, yanzu kuma kuɗin ya kai 980, ribar ta koma naira 20 kacal. Idan mai gidan ya tsayar da sabon farashi a kan 1,150, ya yi ƙarin kashi 15 cikin ɗari, ribarsa kuma ta koma kusan kason da take a da. Wannan lissafi shi ne aikin farko, kuma ana gama shi kafin a rubuta ko kalma ɗaya, domin wanda ya yi ƙari kaɗan saboda jin nauyi zai dawo da wata wasiƙar bayan mako shida, kuma ƙari biyu a jere sun fi zubar da yarda a kan ƙari ɗaya da aka yi da tsari. Aiki na biyu shi ne duba lamarin ta ɓangaren mai saye. Otal ɗin da ke karɓar burodi 200 kullum zai ga ƙarin naira 30,000 a rana, wato 900,000 a wata, kuɗin da manaja ba zai iya amincewa da shi ba sai ya je gaban mai otal. Mai shago kuma yana buƙatar lokacin da zai gamsar da nasa masu saye game da sabon farashi. Wannan ne dalilin ba da wa'adi, kuma idan akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta ƙayyade tsawon sanarwa, ita za a bi.

Kan saƙon ya kamata ya faɗi abin da ke ciki, misali "Sabon farashin burodi daga 1 ga Maris", domin kan da ya ce "Muhimmiyar sanarwa" ko "Albishir ga abokan hulɗarmu" yana sa mai karatu ya ji an yi masa rufa-rufa da zarar ya kai ga adadin. Gangar jikin wasiƙar na iya zama kamar haka: "Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da kai cewa daga ranar 1 ga Maris farashin babban burodi zai tashi daga naira 1,000 zuwa naira 1,150. Kuɗin fulawa da sukari da man janareta sun ƙaru tun bayan da muka tsayar da farashin yanzu, kuma mun zaɓi mu yi ƙari a kan mu rage nauyin burodin. Duk odar da aka bayar kafin wannan rana za a kawo ta a tsohon farashi. Idan akwai abin da kake son mu tattauna, ga lambar manajanmu, ko kuma ka amsa wannan saƙo kai tsaye. Mun gode da hulɗar da ke tsakaninmu."

Kowace jimla a nan tana da aikinta. An kawo tsohon farashi da sabo da ranar farawa a layukan farko, tun da su mai karatu yake nema. An ambaci kaya uku da sunayensu maimakon a fake da "halin da ƙasa ke ciki", wanda kowa ke faɗa har ya daina gamsarwa. An faɗi abin da ba zai canja ba, wato nauyin burodin, kuma wannan alkawari ne da mai shago zai iya gwadawa a kan sikeli, don haka ba a rubuta shi sai an tabbata za a cika. Godiya ta zo sau ɗaya, ban-haƙuri kuma bai yi yawa ba, domin wasiƙar da ta cika da neman gafara tana nuna wa ƙwararren ɗan sari cewa farashin bai zauna ba, da sauran ciniki. Ragin da aka yi wa tsofaffin abokan ciniki, kamar kawo tsohuwar oda a tsohon kuɗi, yana da iyaka bayyananniya, saboda rangwamen da ba shi da ranar ƙarewa ya kan zama haƙƙi a idon wanda aka yi wa.

Wajen aikawa ma akwai kurakuran da ke ɓata kyakkyawan rubutu. Jera adireshin dukan abokan ciniki a gurbin da kowa zai gani yana tona wa kowannensu sunayen sauran, har da abokan gasarsa, don haka ana aika wa kowa nasa, ko a sa adireshin a gurbin Bcc wanda ke ɓoye su. Manyan masu saye, waɗanda rabin cinikin gidan ke hannunsu, ana kiransu ta waya ko a je musu da ƙafa kafin imel ya isa, sai wasiƙar ta zama shaidar abin da aka riga aka tattauna. Direbobi da masu karɓar oda kuwa ana sanar da su tun da wuri, domin su ne za a fara tara da tambaya, kuma idan bayaninsu ya saɓa wa na wasiƙa, na wasiƙar ne za a ƙaryata.

Ana gane ko saƙon ya yi aiki ne daga littafin oda na makonnin da suka biyo baya. Abokin cinikin da ya kira yana faɗa bai tafi ba tukuna, kuma sau da yawa ana daidaitawa da shi a kan lokacin biya ko yawan kayan da zai riƙa ɗauka. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda bai ce uffan ba, amma odarsa ta sauka daga 200 zuwa 120, alamar ya fara gwada wani gidan, kuma irinsa ake bi da kira tun a makon farko. Idan kuwa raguwar ta game kowa da kowa duk da an yi bayani yadda ya kamata, to matsalar tana ga adadin ne, watakila ya zarce na maƙwabta masu kaya iri ɗaya, kuma gyaranta shi ne a koma kan lissafin kuɗin aiki, a fito da ƙaramin burodi mai sauƙin kuɗi ko a rage zirga-zirgar kai kaya.